Mai ya yi araha, amma riba ta ragu: yadda ake gano inda kuɗin ya shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar sabulun wanki a Kano. A watan jiya na samu man alayyadi da rangwame, amma da muka rufe lissafi sai na tarar riba ta ragu. Wani akanta ya ce in kafa ƙayyadadden kuɗin sarrafawa in riƙa fitar da giɓin farashi da giɓin amfani. Mene ne waɗannan, kuma yaya ake lissafa su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙayyadadden kuɗin sarrafawa ma'auni ne da kake kafa wa kanka tun kafin a ɗora tukunya, wato ka yanke cewa katan ɗaya na sabulu ya kamata ya ci kaza na mai, kuma kowane kilo na man ya kamata ya zo a kan naira kaza. Abu biyu ke nan, adadi da farashi, kuma kowannensu yana iya kaucewa ba tare da ɗan'uwansa ba. Shi ya sa ake raba giɓin gida biyu, domin wanda ya je kasuwa ya sayo man daban ne da wanda ya tsaya a bakin tukunya yana zuba shi.

Adadin da za ka ƙayyade kada ya zama wanda ke rubuce a takardar haɗi kawai. Idan haɗinka yana buƙatar kilo 7.6 na mai a kowane katan, ka san akwai wanda ke maƙalewa a jikin ganga, musamman da hunturu lokacin da alayyadi ke daskarewa, akwai kuma wanda ke zuba a ƙasa wajen juyewa. Wannan asara ce ta yau da kullum, kuma dole ta shiga cikin ma'aunin, in ba haka ba kowane wata za ka riƙa ganin laifin ma'aikatanka a kan abin da ba su da iko da shi. Ka auna tukwane biyar ko shida da aka dafa cikin natsuwa da mai mai kyau, ka ɗauki matsakaicinsu. Mu ɗauka ya kama kilo 8. Farashin kuma ka haɗa da kuɗin mota da na masu sauke kaya, domin kuɗin mai shi ne abin da ya ci har ya shigo sito. Mu ce naira 1,500 kowane kilo. Ke nan katan ɗaya ya kamata ya ci man naira 12,000.

Yanzu ga misalin wata guda, da alƙaluman da na ƙirƙira don bayani, sai ka maye gurbinsu da naka. An yi katan 500. An sayi kilo 4,400 na mai a kan naira 1,400, kuma an ƙarar da shi duka. Bisa ma'auni, katan 500 ya kamata su ci kilo 4,000, wato naira 6,000,000, amma abin da aka kashe shi ne naira 6,160,000. Naira 160,000 sun hau a kan abin da ya kamata. Wannan jimillar ita kaɗai ba ta nuna inda matsalar take, sai an fasa ta.

Giɓin farashi = (ƙayyadadden farashi − ainihin farashi) × adadin da aka saya

A nan naira 100 ce ragin, sau kilo 4,400, ya ba da naira 440,000 na samu. Mai sayo kaya zai yi murna da wannan, kuma a ido ya yi ƙoƙari.

Giɓin amfani = (ƙayyadadden adadi na abin da aka sarrafa − ainihin adadin da aka yi amfani da shi) × ƙayyadadden farashi

Kilo 4,000 ya kamata, kilo 4,400 aka ci, ƙarin kilo 400 ke nan, wanda ya haura ganga biyu. Sau naira 1,500, ya zama naira 600,000 na asara. Cire 440,000 daga 600,000, ga naira 160,000 ɗin nan ta fito daidai. Ka lura cewa da ƙayyadadden farashi aka yi wa kilo 400 ɗin kuɗi, ba da naira 1,400 ba, domin kada tashi ko saukar kasuwa ta shiga cikin hisabin masu dafa sabulu, waɗanda ba su da hannu a ciniki.

Kuskuren da na fi gani a ƙananan masana'antu shi ne kwatanta man da aka ci da abin da aka tsara yi a farkon wata. Da ka shirya yin katan 600, ka ware kilo 4,800, sai aka yi 500 aka ci 4,400, mai duba takarda zai ce an yi tattalin kilo 400, alhali ɓarnar kilo 400 aka yi. Kullum da katan ɗin da suka fito za ka yi lissafin, ba da waɗanda aka yi niyya ba.

Abin da nake zargi a lamarinka shi ne giɓin nan biyu uwarsu ɗaya. Man da aka karya wa farashi sau da yawa yana ɗauke da ruwa ko laka a gindin ganga, kuma ruwa da laka ba sa zama sabulu, ko da yake ka biya kuɗinsu a sikeli. Idan aka auna soda bisa nauyin irin wannan mai, sodar takan yi yawa, sabulun ya fito da kaifi ko farin gari a bayansa, sai mai haɗi ya ƙara mai don ya gyara, ko a sake narka tukunyar gaba ɗaya. Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗebi man daga ƙasan ganga, ka ɗumama shi ya narke, ka zuba a kwalba mai haske ka bar shi ya kwana, za ka ga abin da ya kwanta. Ko ka auna kilo ɗaya ka ɗora a wuta kaɗan kaɗan. Idan yana tartsatsi akwai ruwa, kuma idan ya yi shiru ka sake aunawa, abin da ya ragu shi ne ruwan da ka saya. In haka ta tabbata, asarar da ta bayyana a ɗakin dafawa daga wurin saye ta taso, kuma bai kamata a tsawata wa ma'aikata a kanta ba. Idan kuwa man ya fito lafiya, sai ka duba sikelinka, da sabon ma'aikaci, da yoyon tukunya, da nauyin sandar sabulun ko ana yanka ta fiye da ƙima, sannan daga ƙarshe ka duba ko mai yana fita ta bayan gida. Ba na son a fara da zargin sata kafin a kawar da sauran.

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne a kan ƙidayar sito. Man da aka yi amfani da shi shi ne wanda aka buɗe wata da shi, haɗe da wanda aka sayo, a cire wanda ya rage ranar ƙarshe, kuma a auna shi a sikeli maimakon a leƙa ganga a ce rabi ce. Idan ka sayi kilo 5,000 ka yi amfani da 4,400, giɓin farashi a kan 5,000 za ka fitar da shi tun ranar saye, ragowar kuma ta zauna a littafi a kan ƙayyadadden farashi.

Game da farashin, tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan sarrafawa suka daina zama wuri ɗaya, kuma ma'aunin da ya shekara ba a taɓa shi ba zai riƙa nuna asara kowane wata ba tare da ya gaya maka komai ba. Shawarata ka sabunta farashin duk bayan wata uku, ko da zarar kasuwa ta yi babban tsalle, amma kilo 8 ɗin nan ka bar shi yadda yake sai in ka sauya haɗi ko injin yanka. Ka fara da mai shi kaɗai, tunda shi ne ya fi cin kuɗi a katan, idan littafin ya zauna na wata biyu sai ka shigar da soda, turare da kwali bisa wannan tsarin.