Hukuncin gutsuro hadisi ko maganar malami a cikin rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina koyar da fiƙihu a makarantar dare ta matan aure, nakan kuma rubuta musu darasi a takarda. A babin alwala na rubuta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce: "Babu alwala sai don ƙara ko wari." Sai wata ɗaliba ta ce ashe ke nan barci ba ya karya alwala. Abokin aikina ya ce laifina ne, wai na gutsure hadisi. Shin ya halatta a yanko wani ɓangare na nassi a bar saura? Kuma ina iyakar abin da ya kamata in riƙa cirowa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa. Ita ma ɗalibar ba ta yi laifi ba, abin da ta gani a takarda shi ta fahimta.

Taƙaita hadisi ya halatta a wurin mafi yawan malamai, kuma Imamu Buhari da kansa yakan rarraba hadisi guda a babi-babi. Amma akwai sharaɗi biyu, kamar yadda Ibnus Salah (ya rasu 643 bayan Hijira) da Ibnu Hajar (ya rasu 852) suka bayyana: mai taƙaitawa ya zama ya san ma'anar maganar, kuma abin da ya bari kada ya zama yana rataye da abin da ya ɗauka. Rataya kuwa ita ce irin togaciya, ko sharaɗi, ko iyaka. A hadisin Abu Sa'idil Hudri an hana sayar da zinariya da zinariya "sai daidai da daidai". Wanda ya tsaya kafin "sai" ya haramta abin da Allah ya halatta, alhali bai ƙara ko harafi ɗaya ba. Irin wannan yanka haramun ne, in kuwa da gangan aka yi don a kā da abokin jayayya, to ha'inci ne.

Lafazin da ka rubuta, ba kai ka yanke shi ba. Haka Tirmizi da Ibnu Maja suka ruwaito shi, ta hanyar Shu'uba daga Suhailu ɗan Abu Salihu, daga mahaifinsa, daga Abu Huraira. Sai dai Abu Hatimir Razi (ya rasu 277) ya ce Shu'uba ne ya taƙaita shi, domin sauran almajiran Suhailu sun kawo shi da tsawonsa. Ma'anar lafazin da ke cikin Sahihu Muslim ita ce: idan ɗayanku ya ji wani abu a cikinsa, ya rikice masa ko wani abu ya fita ko bai fita ba, to kada ya fita daga masallaci har sai ya ji ƙara ko ya ji wari. Ka ga hadisin yana magana ne a kan mai kokwanton ko iska ta fita daga gare shi, yana yi masa maganin waswasi. Da aka cire farkonsa sai ya zama kamar lissafin duk abin da ke karya alwala. Wasu malamai sun kare Shu'uba, sun ce ba lallai ba ne taƙaitawa ce, amma babu wanda ya fahimci cewa fitsari da bayan gida ba sa karya alwala. Barci mai nauyi kuwa yana karya ta a mazhabarmu ta Malikiyya. Ni abin da ke sa ni tsoro a nan shi ne, Shu'uba ana yi masa laƙabi da Amirul Muminina a hadisi. In har an iya zargin taƙaitawarsa, ina ga ni da kai?

Saboda haka abokinka ya yi gaskiya ta wata fuska. Kuskurenka shi ne ka ajiye gajeren lafazi shi kaɗai, babu abin da ke gabansa, babu bayani a bayansa. Ga yadda za ka gyara takardar: ka fara da maganarka, ka ce wannan hadisi ne game da wanda yake salla ya yi shakkar fitar iska. Sai ka kawo dogon lafazin, ka ce Muslim ne ya ruwaito daga Abu Huraira. Sannan ka sauko sabon layi ka yi bayani: yaƙini ba ya gushewa saboda shakka a wannan hali, kuma sauran abubuwan da ke karya alwala suna da nasu dalilan. Ka karanta musu gyaran a aji, kada ka sauya takarda a ɓoye, domin wata ta riga ta kai maganar gida.

Ma'aunin yawan abin da za ka ciro ba layi biyu ko uku ba ne. Bayan ka yanka, ka tambayi kanka: wanda bai taɓa ganin asalin ba, in ya karanta wannan kaɗai, zai fahimci abin da mai maganar yake nufi? Ka kuma karanta abin da ke kafin wurin da abin da ke bayansa, ko da shafi guda ne. Sau da yawa malami yana hakaito ra'ayin wani ne don ya rushe shi a layi na gaba, sai mai gaggawa ya ɗauko ya jingina masa. A ɗaya ɓangaren, jibga shafi uku inda jimla biyu ta isa shi ma aibi ne, domin ɗaliba ba za ta gane inda hujjar take ba.

Ba kuma ko'ina ake buƙatar lafazi ba. Ka kawo shi daidai inda hukunci ya rataya a kan kalma, da inda ake jayayya a kan abin da malami ya faɗa, da kuma a zikiri da addu'a. Lokacin da Bara'u ɗan Azibu yake maimaita addu'ar kwanciya barci ya ce "da Manzonka", sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya mayar da shi ga "da Annabinka wanda ka aiko". A sauran wurare ka faɗi ma'ana da bakinka, ka ambaci inda ka samo. Amma in ka buɗe baka biyu ka ce wane ya rubuta kaza, ba ka da ikon sauya masa kalma. Kuma tun da Hausa kake rubutawa, fassara ma'ana ce, don haka ka ce "ma'anar hadisin", ko ka rufe da "ko kamar yadda ya faɗa", kamar yadda Anas ɗan Maliku yake yi.

Sai ka kiyayi cakuɗa bayaninka da nassi, abin da malaman hadisi ke kira idraji. Abu Huraira ya ga mutane suna alwala ya ce su cika alwala, domin Abul Ƙasim, wato Annabi, ya ce azabar wuta ta tabbata ga dugadugai. A wannan ruwaya farkon maganar ta Abu Huraira ce, amma wasu maruwaita suka haɗe duka suka mai da ita ta Annabi. Shi ya sa magabata suke rubuta "intaha" inda maganar wani ta ƙare, su fara tasu da "ƙultu". Haka za ka gani a littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kai ma ka rubuta "maganarsa ta ƙare", in ka tsallake wani abu ka sa ɗigo uku, in ka taƙaita ka ce "a taƙaice".

Babu zunubi a kanka in sha Allahu tun da ba ka yi nufin ɓatarwa ba, amma gyaran wajibi ne a darasi mai zuwa. Wallahu a'alam.