Hali da muƙami a bakin Sufaye

Tambaya: Malam, a wajen karatun tasawwufi na ji an ce hali ba ya zama, muƙami ne mai zama. To ina karin maganar nan ta "hali zanen dutse"? Kuma me malaman fiƙihu suka soka a ciki?

Amsa: Kalma ɗaya ce daga Larabci, amma aikinta biyu. Halin da ke cikin karin maganar ɗabi'a ce wadda ta zauna wa mutum. Na Sufaye kuwa yanayi ne da ke sauko wa zuciya ba tare da an nema ba, kamar shauƙi ko tsoro ko natsuwa, ya ɗan jima ya wuce. Wasu shehunansu ma da walƙiya suka kwatanta shi.

Muƙami shi ne matakin da bawa ke takawa da ƙoƙarinsa. Abu Nasr Assarraj, wanda ya rasu a 988 Miladiyya, ya jera bakwai a littafinsa Alluma'u: tuba, tsantseni, zuhudu, faƙiranci, haƙuri, tawakkali, sai yarda da hukuncin Allah. Alƙushairi (ya rasu 1072) ya taƙaita bambancin a Risalarsa: halaye baiwa ce, muƙamai kuwa nemansu ake yi. Ya ƙara da cewa ba a hawa na gaba sai an cika haƙƙin na baya, don haka wanda bai da tsantseni zuhudunsa bai inganta ba. Sufayen su kansu ba su haɗu a kan komai ba. Mutanen Khurasan sun ce yarda muƙami ce, na Iraƙi suka ce hali ce, Alƙushairi kuma ya sasanta su: farkonta nema, ƙarshenta baiwa.

Wajen suka, mu ɗauki tawakkali. Ibnul Jauzi, malamin Hambaliyya na Bagadaza da ya rasu a 1201, bai yi musun tawakkali ba a Talbisu Iblis. Abin da ya hana shi ne mayar da shi barin sababi: mutum ya shiga sahara ba guzuri, ko ya ƙi shan magani, ko ya ajiye sana'a ya zauna jiran abin hannun mutane. Hujjarsa tawakkali aikin zuciya ne, ba ya karo da motsin gaɓoɓi, ga kuma hadisin da aka ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara. Bahaushe ma cewa ya yi, Allah ya ce tashi in taimake ka.

A ganina matsalar hali ta fi wuyar sha'ani, domin ba mai shaidarsa sai mai shi. Mutum na iya yaga rigarsa a majalisin zikiri ya ce hali ne ya rinjaye shi. Ibnul Jauzi ya kira wannan ɓarnar dukiya. Ma'aunin da ya kamata a bi kuwa shi ne a duba sallarsa da haƙƙin iyalinsa bayan ya dawo hayyacinsa.