Ƙarfen sabis biyu, mita ɗaya: ina iyakar kusancinsu?

Tambaya: Malam, na ji an ce kamfanonin waya suna ba ƙarafan sabis da yawa mita iri ɗaya. Me ya sa suke yin haka, kuma yaya kira ba ya shiga cikin kira? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Malam, tushen al'amarin shi ne ƙarancin mita. A tsarin GSM na zangon 900, faɗin da aka ware wa saƙon da ke tashi daga waya zuwa ƙarfe megahaz 25 ne kacal, an yanka shi tashoshi 124 masu faɗin kilohaz 200, kuma kowace tasha tana ɗaukar kira takwas a lokaci guda. Hukumar da ke ba da lasisi, kamar NCC a Najeriya, ita ke raba wannan tsakanin kamfanoni. A ce kamfani ya samu tashoshi 24. Idan ya kafa ƙarfe ɗaya mai tsananin ƙarfi ya rufe Kano gaba ɗaya, ko mutum 200 ba za su iya magana a lokaci guda ba. Saboda haka ake yanka gari zuwa ƙananan yankuna, kowanne da ƙarfensa mai matsakaicin ƙarfi, a haɗa maƙwabtan yankuna su zama rukuni, a raba musu tashoshin ba tare da biyu sun yi tarayya a ɗaya ba, sannan a maimaita wannan rabon a rukuni na gaba. Haka gidajen rediyon FM biyu da ke garuruwa masu nisa suke zama a mita ɗaya ba tare da sun dami juna ba.

Injiniyoyi suna zana yankunan da kusurwa shida, kuma wannan zanen bai yarda da kowane adadin yankuna a rukuni ɗaya ba, sai irin 1, 3, 4, 7, 9 da 12. Tazarar da ke tsakanin yankuna biyu masu mita ɗaya tana fitowa daga wannan lissafi:

D = R × √(3N)

R ita ce nisan ƙarfe zuwa bakin yankinsa, N kuwa yawan yankunan rukuni. Idan R kilomita 2 ce, rukuni mai yanki huɗu zai ba da tazarar kusan kilomita 6.9, kowane yanki ya samu tasha shida. Mai yanki bakwai zai ba da kusan kilomita 9.2, amma rabon kowane yanki ya faɗi zuwa tasha uku ko huɗu. Kamfani ya fi son ƙaramin rukuni, domin da shi yake ɗaukar masu kira da yawa.

Abin da ke taka masa burki shi ne katsalandan. Kowane yanki yana kewaye da wasu shida masu irin mitarsa, kuma wayarka tana jin su duka tare da ƙarfen da take magana da shi. A cikin gari ƙarfin sigina yana raguwa da sauri, har idan nisa ya ninka sau biyu, sigina kan ragu kusan sau 16. Da wannan ƙiyasi, a rukuni mai yanki bakwai siginar da kake so ta fi jimillar katsalandan kusan sau 73, a mai huɗu sau 24, a mai uku sau 13 da rabi, a mai yanki ɗaya kuwa sau ɗaya da rabi kawai. GSM yana buƙatar aƙalla kusan sau takwas, wato desibel 9, kuma mai hankali ba ya tsayawa a bakin wannan iyaka, tunda gini da bishiya suna iya rage siginar ƙarfenka su bar ta maƙwabci da ƙarfinta.

Mutane da yawa suna zaton ƙara wa ƙarafa ƙarfi zai magance matsalar, alhali idan duka suka ƙara, sigina da katsalandan tare suke hawa, fifikon sigina a kan katsalandan bai motsa ba. Wannan ne ya sa wani lokaci za ka ga sandunan sabis a cike amma murya tana tsinkewa, musamman a saman bene mai tsawo inda waya ke hango ƙarafa masu nisa. Ƙarfin sigina sandunan suke aunawa, ba tsabtarta ba.

Maganin da ke aiki shi ne rage abin da ke isowa daga maƙwabta. Ana raba ƙarfe ɗaya fuska uku, kowace eriya ta kalli digiri 120, wanda a rukuni mai yanki bakwai yake rage masu katsalandan daga shida zuwa biyu, kuma ana sunkuyar da eriya ƙasa don kada ta tsallake yankinta. Idan jama'a sun yi yawa, sai a ƙanƙanta yankunan. D da R suna raguwa tare, don haka fifikon sigina a kan katsalandan yana nan yadda yake. Tsarin 4G ya yarda kowane yanki ya yi aiki da mita iri ɗaya da ta maƙwabtansa, kuma farashin hakan yana kan wanda ke bakin yanki, domin shi ne ake rage wa gudun intanet don saƙonsa ya jure katsalandan.