Naira miliyan uku na giratuti: takardar baitulmali ko takardar lamunin gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, an biya ni giratuti naira miliyan uku. Ba na son kasada. Ma'aikacin banki ya ce in sayi takardar baitulmali, ɗana kuma ya ce takardar lamunin gwamnati ta fi. Mene ne bambancinsu, kuma zan iya asara? Ina kuma da damuwa kan kuɗin ruwa. Daga mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka. Duka biyun bashi ne kake bai wa Gwamnatin Tarayya. Inda suka rabu shi ne tsawon lokacin da kuɗinka zai yi a hannunta da yadda za ta biya ka.

Takardar baitulmali, wadda za ka gani a fom ko manhajar banki da sunan Treasury Bills, ta gajeren zango ce: kwana 91, 182 ko 364. Babban Bankin Najeriya ne ke gwanjonta a madadin gwamnati, yawanci duk mako biyu. Ba a biyan komai a tsakani. Ana sayar maka da ita ne ƙasa da kuɗin da ke rubuce a kanta, ranar cika wa'adi a ba ka cikakken kuɗin. Mu ɗauka, don misali kawai, ka nemi ta naira 1,000,000 ta kwana 364, banki ya ce ragin kashi 18 ne cikin ɗari. Za a rage kusan naira 179,500, ka biya 820,500, bayan kwana 364 a zuba maka miliyan ɗaya. Tunda 820,500 ka fitar ba miliyan ba, ainihin abin da ka samu ya kusa kashi 22. Saboda haka idan za ka kwatanta da ajiyar wa'adi ta banki, ka ce a faɗa maka naira nawa za ka biya yau da naira nawa za su shiga asusunka a ƙarshe bayan an cire haraji da ladan banki. Shiga gwanjon kai tsaye sai mai sama da naira miliyan 50, amma bankuna da dillalan hannun jari suna sayar wa masu ƙaramin ƙarfi daga wadda ke hannunsu, a kan ragin da ya ɗan gaza na gwanjo. Kowane banki da mafi ƙarancin abin da yake karɓa.

Takardar lamuni kuwa ta shekaru ce, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ke fitar da ita. Manyan suna kaiwa har shekara 30, ana biyan riba duk wata shida, kuma an fi yin su don asusun fansho da bankuna. Wadda aka yi don irinka ita ce FGN Savings Bond da aka fara a watan Maris na 2017. Wa'adinta shekara biyu ko uku, ana saye daga naira 5,000 har zuwa miliyan 50, ana buɗe sayarwa na 'yan kwanaki a farkon kowane wata. Za ka je wajen dillalin hannun jari da ke cikin jerin waɗanda DMO ta amince da su, ya buɗe maka asusun CSCS da sunanka, wato asusun da ake ajiye bayanan takardun da ka mallaka, ka ba da lambar BVN da asusun bankin da za a riƙa tura maka kuɗi. Idan ka sa miliyan ɗaya a kan kashi 16, alal misali, duk wata uku za ka ga naira 40,000, uwar kuɗin kuma ta dawo ranar cika wa'adi. Ga mai ritaya da ke son abin cefane a kai a kai, wannan tsarin ya fi dacewa da shi.

Batun asara shi ne ya fi cancantar ka tsaya a kai. Idan ka riƙe takarda har wa'adinta, abin da aka rubuta shi za ka karɓa. Matsalar tana zuwa ne idan buƙata ta taso ka sayar kafin lokaci. Koma kan takardar nan da ka saya 820,500. Bayan wata uku rashin lafiya ta taso, saura kwana 273. Idan ragin da ake yi a kasuwa yana nan a kashi 18, za a ba ka wajen 865,400. Idan kuwa ragin ya tashi, ko banki ya ce sai a kashi 24 zai karɓa, 820,500 ɗinka za a mayar maka, ka yi wata uku a banza. In ya haura haka, uwar kuɗin ma za ta taɓu. A takardar lamuni mai dogon zango abin ya fi tsanani, domin ba wanda zai sayi taka mai biyan kashi 14 a cikakken farashi alhali sabuwa tana biyan 19, sai ka karya masa sosai, kuma yawan shekarun da suka rage shi ne yawan karyewar.

Asara ta biyu ba a ganin ta a takardar banki. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8, ta zarce abin da waɗannan takardu ke biya a lokacin. Naira ta ƙaru a asusu, amma buhunan shinkafar da za ta saya sun ragu. Haka kuma ribar ba ta tsayawa wuri ɗaya: a ƙarshen 2020 ta takardar baitulmali ta faɗi ƙasa da kashi 1. Don haka kada ka sa hannu a fom ɗin da ke bai wa banki izinin sake juya kuɗinka kai tsaye idan wa'adi ya cika, sai ka ga sabon farashi tukuna. Gwamnati ma ba dutse ba ce. 'Yan'uwanmu na Gana sun gani daga Disamban 2022, lokacin da aka musanya takardun lamuni na cikin gida da wasu masu tsawon wa'adi da ƙarancin riba, aka bar na baitulmali ba a taɓa ba.

Kan kuɗin ruwa, damuwarka tana kan hanya, domin takardun nan biyu bashi ne mai ƙari, kuma malamai suna ɗaukar wannan ƙarin a matsayin riba ta haram. Mafitar ita ce Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a Satumba 2017 da naira biliyan 100 don gina tituna. Tsarinsa na ijara ne: kana da kaso a cikin aikin titin, gwamnati tana biyan ka haya duk wata shida, ana shiga daga naira 10,000. Sai dai wa'adinsa shekara bakwai ne ko goma, kuma ba kowane wata ake buɗe shi ba, don haka duk abin da muka faɗa kan sayarwa kafin lokaci ya shafe shi.

Shawararmu a kan miliyan ukun: ka ware kuɗin hidimar gida na wata shida, mu ce 600,000, a asusun da za ka iya cira ko da dare. Abin da ka san za ka buƙata cikin shekara, kamar kuɗin makaranta ko gyaran rufi, ka raba shi gida biyu ko uku ka sayi takardun baitulmali masu cika wa'adi a watanni daban-daban, kowacce ta faɗo dab da buƙatarta. Idan ka zaɓi guje wa ruwa, wannan kason ya je asusun mudaraba na bankin Musulunci, inda banki ke juya kuɗin ku raba ribar. Ragowar da ka tabbata ba za ka taɓa ba, kuma kada ta wuce rabin kuɗin, ita ce za ta shiga Sukuk ko takardar shekara biyu. Bayan saye ka nemi shaidar rubuce mai ɗauke da sunanka, adadin kuɗin da ranar cika wa'adi, ka kuma nuna wa ɗaya daga cikin iyalinka inda ka ajiye ta.