Amsoshin Tambayoyinku: Sunaye Uku Sun Rage, Wanne Za A Buga A Leda?

Tambaya: Ina dakan yaji a gida, yanzu ina so in fara zuba shi a robobi da suna a jiki. Daga sunaye goma na tace sun koma uku: Albarka, Yajin Inna da Ɗanɗanon Zazzau. Duk wanda na tambaya sai ya ce duka suna da kyau. Wallahi abin ya hana ni barci. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, wahalar ma kin wuce ta tun da kika iya zubar da bakwai. Matsalar tana wajen tambayar da kike yi. In kika ce wa Bahaushe "wanne ya fi kyau?" kara zai yi miki, musamman in ya lura da wanda fuskarki ta fi sakewa a kai. Ki daina neman ra'ayi, ki koma gwaji.

Nemi mutum takwas, kada su wuce goma. Biyar su kasance matan da suka taɓa cire kuɗi suka sayi yajinki, biyu masu shago da kike fatan su ajiye miki kaya, ɗaya kuma wanda Hausarsa ba ta nuna ba, don a Sabon Gari ko Samaru ba Hausawa kaɗai ke shiga shago ba. Mahaifiya da ƙanne da aminiya a bar su a gefe, ƙaunarki za su zaɓa. Kowa ki same shi shi kaɗai, domin in kika tara su a ɗaki ɗaya, duk abin da babbar cikinsu ta faɗa shi sauran za su bi.

Ki tura wa kowa sunayen uku ta saƙon murya, sau ɗaya, ba tare da bayani ba, ki ce ya rubuto miki su yadda ya ji. Ki riƙa sauya jerin daga mutum zuwa mutum, saboda sunan farko da na ƙarshe sun fi zama a kai. Sai ki tambaye shi abu biyu: in ya ga wannan suna a jikin roba, me zai zata ke ciki, kuma kayan mai tsada ne ko mai araha? Daga nan ki yi shiru. Bayan kwana biyu ki kira shi ba zato, ki ce ya faɗo sunayen da ya tuna. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran nauyi, don ita ce ke nuna ko uwargida za ta iya aiken yaro shago ya dawo da naki ba na wata ba.

A ce duka takwas sun rubuta Albarka daidai kuma sun tuna shi, amma uku sun zata biredi ne, biyu ruwan leda, ɗaya shagon ɗinki. To kin ga an san kalmar, ba a san kayanki da ita ba, kuma da wuya ki zagaya kasuwa ɗaya ba ki ga allon Albarka ba. A ce Ɗanɗanon Zazzau ya burge shida, amma uku kaɗai suka tuna shi cikakke, sauran suka ce "wannan na Zariyan nan". Tsawonsa ne ya cuce shi. Ƙari a kan haka, sunan shafi a Instagram ba ya karɓar baƙaƙe masu lanƙwasa, dole ya koma dandanon. A nan babu ɓarna, amma a wasu kalmomin akwai, kamar yadda baƙi ke komawa baki. A ce kuma Yajin Inna bakwai sun tuna shi, kowa ya gane abin da ke ciki. Shi ya ci gwajin. Sai dai akwai abin da mutum takwas ɗin nan ba su sani ba: ko baɗi kina da niyyar ƙara daddawa, kuka da garin kunu. In haka ne, kalmar yaji za ta ɗaure ki, gara ki riƙe Inna ki sauya abin da ke tare da ita. Wannan hukuncin naki ne, ba a ƙuri'a a kansa.

Tambaya: Na sa zaɓen sunayen shagona uku a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, mu kusan ɗari biyu. Ɗaya ya samu ƙuri'a mafi yawa. In bi shi kawai? Daga wani mai shagon waya a Katsina.

Amsa: A'a Malam. A zaɓen zaure kowa na ganin inda ƙuri'a ta karkata kafin ya danna nasa, goman farko ne suka yanke hukunci, sauran rakiya suka yi. Cikin ɗari biyun nan, mutum nawa ne suka taɓa sayen ko caja a hannunka? Ga shi kuma ka baje sunaye uku da ba ka yi wa rajista ba a gaban jama'a. Karanta amsar da ke sama ka sake daga farko.

Tambaya: Na zaɓi suna mai kama da na wani sanannen lemo, harafi ɗaya na sauya. Abokaina biyar duk sun ce shi ya fi. Mai buga takarda ya ce in na buga dubu biyar zai rage mini sosai. Daga mai zoɓo a Kano.

Amsa: Dole su ce shi ya fi, ai sunan wani suka gane. Kana shirin shiga sahun masu jabu da kuɗinka da ƙafarka, ko da zoɓonka ya fi na kowa tsafta. Mai saye da ya kai gida ya ga ba abin da ya nufa ba ne, ba zai ce ya yi kuskure ba, cewa zai yi an damfare shi, kuma mai shagon da aka dawo wa da kaya ba zai ƙara karɓar naka ba.

Batun dubu biyar ɗin nan kuwa shi ne ciwon da ya fi damun wannan fili. Mutum bai tabbatar sunan zai zama nasa ba, ya buga takardun manne, ya yi allo, ya ɗinka riguna, har da hatimi, wai don an yi masa ragi. Ragin da zai ƙare a ƙarƙashin gado ba ragi ba ne. Tun kafin a kai sunaye uku gaban kowa ya kamata a duba su a shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, wanda kyauta ne, don kada a ɓata mako ana gwada sunan da ke da mai shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana rajistar sunan da ya yi kama da na wani har zai iya ruɗar da jama'a, kuma kalmomi irin su `Federal`, `National`, `Group` da `Holding` sai da izinin hukumar. In an amince da suna, kwana 60 ake ajiye maka shi ka kammala rajista. Shi ya sa ba a yar da na biyu da na uku: a jera su, in na farko ya faɗi a miƙa mai bi masa.

Kuma takardar CAC ba ta kare sunan da ke jikin kwalba. Wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya, inda kaya ke da rukuni-rukuni: lemo da ruwa suna rukuni na 32, yaji da kayan ƙamshin girki na 30. Ranar da ka je neman lambar NAFDAC za a nemi shaidar cewa sunan naka ne, kuma mai harafi ɗaya da aka sauya a nan yakan maƙale. Ka ajiye wannan suna, ka gwada sauran sunayen da kake da su. Wanda ya tsallake, buga masa ɗari biyu kacal, ka zuba kaya a shago uku na wata guda, ka tambayi masu shagon da wane suna mutane ke neman zoɓon in sun dawo.