Ma'ajin PS5 ya cika: na waje zan saya ko na ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon gem a Samaru, PS5 ɗaya da PS4 biyu. PS5 ɗin tawa ta farkon fitowa ce, ta cika, kullum sai na goge wani gem kafin na sauke wani. A shagunan PZ da ke nan Zariya an nuna min abu uku: HDD na waje mai terabait 2, da SSD na ciki guda biyu masu terabait 1, ɗaya an rubuta 3,500 MB/s, ɗayan 7,000 MB/s mai tsada. Wanne zan ɗauka? — Mai shagon gem, Samaru

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara fitar da guda daga lissafi: kada ka taɓa mai 3,500 ɗin nan sai ka juya kwalinsa ka karanta. Galibi SSD mai wannan lamba ɗan rukunin PCIe Gen3 ne, ita kuwa PS5 Gen4 take karɓa. Idan ka saka mata Gen3, da ka kunna za ta ce ka kashe ka cire shi, shi ke nan, kuɗi sun tafi. Haka ma wanda aka rubuta M.2 SATA, ka gan shi kamar su ɗaya, amma ba ya aiki. Abin da idonka zai nema a kwali shi ne NVMe da PCIe Gen4 x4.

Sauran biyun kuwa aikinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara. Ma'ajin waje da ake jonawa ta USB yana buga gem ɗin PS4 kai tsaye. Gem ɗin PS5 kuwa ajiye shi kawai yake yi, kamar rumbu. In za a buga, sai an dawo da shi ciki. Ko ka sayi SSD na waje mafi gudu, dokar ba ta canzawa. Na ciki ne kaɗai, wanda ake sakawa a ramin M.2 da Sony ta buɗe wa kowa a Satumban 2021, yake buga gem ɗin PS5 daga inda yake zaune.

To ka duba shagonka. An ce injinka gigabait 825 ne, amma abin da ya rage maka na gem wajen 667 ne, manyan gem shida ko bakwai sun cinye shi. A ce yaro ya shigo da yamma ya biya kuɗin awa ɗaya, yana son gem mai gigabait 100 da ke cikin rumbu. HDD na tafiya ne da megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa, wato dawo da gem ɗin zai ci kusan minti goma sha bakwai, kuma sai ka fara fitar da wani ka sama masa wuri. Yaron na tsaye, na bayansa na jira. Duk da haka ya fi sake saukewa da data nesa ba kusa ba, shi ya sa ban raina HDD ba. Ga mai buga gem a ɗakinsa, wanda ba ya sauri, shi ne mafi arha kuma ya wadatar. Kai da lokaci ne jarinka, na ciki ya dace da kai.

Sai maganar gudu. Sony ta ba da shawarar SSD mai saurin karatu 5,500 MB/s ko sama da haka, domin kusan gudun ma'ajin da injin ya zo da shi ke nan. Lamba biyu ake rubutawa a kwali, ta karatu da ta rubutu. Ta karatu ce ke shafar yadda gem ke buɗewa. Ta rubutu sai lokacin kwafa take amfani, kada ka ƙara ko sisi saboda ita. Tsakanin 5,500 da 7,000 kuwa, bambancin buɗe gem ba ya wuce ƙiftawar ido, kuma ba ya ƙara wa hoto kyau ko sa ƙwallo ta fi gudu. Don haka ka tambayi mai kayan ko yana da Gen4 mai 5,500 ko 6,000. In rarar kuɗin za ta kai ka ga terabait 2, girma ya fi maka amfani da waccan lambar. In babu sai mai 7,000, ɗauke shi, ba laifi.

Abin da ba zan yarda ka bari ba shi ne ƙarfen sanyaya da ake ɗora wa SSD. Ka san zafin Zariya a watan Maris da Afrilu, ga shago mai rufin kwano, ga inji yana aiki tun azahar har dare. SSD in ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don ya tsira. Sayi wanda ya zo da ƙarfensa, amma ka kula da kauri: duka-duka kada ya wuce milimita 11.25, faɗi kada ya wuce 25, in ba haka ba murfin ramin ba zai rufu ba.

Sakawar ba ta buƙatar mai gyara. Kashe injin gaba ɗaya, zare duk wayoyi, bar shi ya huce, ka zame murfin. Za ka ga ɗan marfin ƙarfe da noti ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙaramin noti da ɗan zobe a ramin da aka rubuta 110. Yawancin SSD na kasuwa 2280 ne, wato tsawonsu milimita 80, don haka sai ka mayar da zoben ramin 80, ka tura SSD ɗin a karkace har ya shige sosai, ka kwantar da shi kan zoben, ka ɗaure. Mutane kan manta zoben nan, sai notin ya lanƙwasa SSD ɗin. Tunda ka buɗe, ka share ƙurar hunturu da ta taru a bakin fanka.

Da ka kunna za ta nuna Format M.2 SSD, bayan ta gama kuma ta faɗa maka gudun karatun da ta auna. Wannan lambar ce shaidarka. Na taɓa karɓar wani daga hannun wani mai kaya, kwali ya ce 7,000, injin ya auna bai kai rabi ba; da hoton allon na koma aka canza min. Ku yi yarjejeniyar mayarwa tun kafin ka biya, a rubuta a rasit.

Tambaya: Ni PS4 gare ni. Na ga ma'ajin waje an rubuta 5Gbps, shi ne gudun 5,000 MB/s ɗin da ake faɗa? — Ɗaliba, Kongo

Amsa: A'a, 'yar'uwa, ma'auni biyu ne daban. Gbps sai an raba shi gida takwas, don haka 5Gbps megabait 625 ne a daƙiƙa a takarda, a aikace kuma ƙasa da haka. Faɗin hanyar USB ɗin ake nufi, ba gudun abin da ke cikin akwatin ba. Amma shi PS4 ke nema: USB 3.0, girma daga gigabait 250 zuwa terabait 8, a jona kai tsaye ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba. Ki kwashe abin da ke ciki tukuna, domin shirya shi zai goge komai. Idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, gem na iya lalacewa, don haka kada ki fara babban kwafi sai wuta ta zauna. In wata rana kika koma PS5 ta farkon fitowa, ki jona shi a baya. Bakin USB mai faɗi na gaba ba shi da gudun da ake buƙata.