PPDA ba ya faɗa maka inda aka matsa

Tambaya: "Ƙungiyata na da PPDA 8, abokiyar hamayyarta 14. Jiya a gidan kallo a Fagge na ce mu muka fi matsi, aka ƙi yarda. Wa ya yi gaskiya?"

Malam, PPDA ma'auni ne na yadda ƙungiya ke matsa wa abokan hamayya don ƙwace ƙwallo, kuma 8 ta fi 14 zafi, don a nan ƙaramar lamba ce ke nuna matsi. Ana ƙirga fasin abokan hamayya a kashi 60 cikin 100 na fili daga ragarsu, a raba da yawan takal, tare fas, da keta da kuka yi a wannan yankin. A ce sun yi fas 240, ku kuka yi takal, tare fas da keta sau 30, PPDA ɗinku 8 ke nan.

Amma duba keta ɗin nan. Idan 10 daga cikin 30 keta ce, to 'yan wasanku sun makara ne suna taka ƙafar mutane, lissafin kuma ya ba su lada. Cire su, lambar ta koma 12.

Abin da ya fi damuna shi ne matsin da ba a taɓa ƙwallo. Ɗan gabanku ya tsaya ya toshe hanyar ɗan tsakiyarsu, mai tsaron gidansu ya rasa wanda zai ba, ya ɗaga ƙwallo sama, masu tsaron bayanku suka karɓe kusa da ragarku. Matsi ya yi aiki sarai, amma ba a rubuta muku komai ba, don an karɓe ta a wajen yankin da ake ƙirgawa. Mai 14 na iya zama irin wannan.

Wasa ɗaya ma ba ya isa hukunci, don wanda ke gaba da ci biyu yakan ja baya da gangan. Ka haɗa wasanni goma, ka kuma duba sau nawa kuka ƙwace ƙwallo kusa da ragarsu.